Godiyata ta kai shafi uku, me zan yanke?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Ina neman shawara. Littafina na farko ya je hannun mai tsara shafi, sai ya turo mini cewa ya kai shafi 163, in samu inda zan rage shafi uku. Labarin kam ba zan taɓa shi ba. Da na duba sai na ga godiya ta ci shafi uku, tarihina shafi biyu, sadaukarwa kuma ta cika rabin shafi. Na ƙirga sunayen da ke cikin godiyar, 64 ne. Wallahi duk wanda na ɗora hannu zan goge sai in ji kamar na ci amanarsa. Yaya ake yi a taƙaita ba tare da abin ya bushe ba?

Abba Mai Tsari: Wa alaikumus salam. Ba neman wahalar da ke yake yi ba, Maman Ilham. Yawancin injinan ɗab'i babbar takarda suke bugawa a naɗe ta, naɗi ɗaya ya ba da shafi 16. To 160 naɗi goma ne cif. Ukun nan da suka hau sai an ƙara musu wani naɗin, ko rabinsa in madaba'ar na yi, ki biya kuɗin takarda a kowane kwafi, sannan ƙarshen littafin ya zo da fararen shafuka. Godiya ta koma shafi ɗaya, tarihi shafi ɗaya, kin samu ukunki ke nan.

Hajiya Turai: Ni dai 'yata, shawarata ki biya kuɗin takardar ki huta. Mutum ya taimake ki, ya buɗe littafi bai ga sunansa ba, ba zai faɗa miki ba amma yana nan a ransa. Takarda ta fi zumunci araha.

Malam Sabo Edita: Hajiya, ranki ya daɗe, gaskiya ne ana jin zafin rashin ganin suna. Amma abin da na lura da shi a aikin nan, dogon jeri shi ya fi jawo wannan zafin. In marubuci ya ambaci mutum takwas, kowa ya san waɗanda suka yi aiki a kan littafin aka ambata, wanda ba ya ciki ba ya ɗaukar abin da zafi. In ya ambaci 64, na 65 ɗin zai ce to ni me na yi da har aka tuna da kowa aka manta da ni? Kuma na 65 ba ya taɓa ɓacewa, kullum akwai shi.

Maman Ilham, turo mana sadaukarwar tukuna, da sakin layi ɗaya daga godiyar. Ki canza sunayen in kina so.

Maman Ilham: To Malam. Ga sadaukarwar:

"Na sadaukar da wannan littafi ga mahaifina marigayi, Allah ya jiƙansa, da mahaifiyata abar alfaharina, da maigidana abin tinƙahona, da 'ya'yana sanyin idaniyata, da yayyena da ƙannena, da malamaina tun daga firamare, da ɗaukacin masoyana a duk inda suke a faɗin duniya."

Ga kuma wani yanki na godiyar:

"Godiya ta musamman mara adadi ga Anti Rabi, mace mai kirki, mai haƙuri, mai son ci gaban na ƙasa da ita. Haka kuma ba zan taɓa mantawa da ƙawata ta ƙut da ƙut Sista Hauwa ba, bakina ya yi kaɗan wajen gode miki. Sai aminiyata Fati, alherinki ba ya misaltuwa."

Malam Sabo Edita: Madalla. Mu fara da godiyar, don a nan aikin yake. Tambaya ɗaya zan yi miki: me Anti Rabi ta yi wa littafin nan? Me Sista Hauwa ta yi? Fati fa?

Maman Ilham: Anti Rabi ita ta fara karanta shi tun yana rubutun hannu. Ita ta ce mini babi na huɗu ba ya tafiya, jarumar ta yafe wa mijinta da wuri, babu macen da za ta yi haka. Sai da na sake babin gaba ɗaya. Sista Hauwa ma'aikaciyar jinya ce, jarumata ma aikinta ke nan, to ita ta zaunar da ni ta yi mini bayanin yadda aikin dare yake, yadda ake miƙa marasa lafiya ga masu karɓar aiki da safe, har da irin barcin da ke kama mutum gab da asuba. Fati kam ƙawata ce tun muna yara, ba ta ma karanta ba tukuna.

Malam Sabo Edita: Kin ga abin da kika rubuto yanzu ya fi wanda kika tura madaba'a daɗi nesa ba kusa ba. "Mai kirki, mai haƙuri" za ki iya cire sunan Anti Rabi ki sa na kowa, jimlar ba za ta girgiza ba. Ita kanta in ta karanta ba za ta ga kanta a ciki ba. Amma duba wannan:

"Na gode wa Anti Rabi, wadda ta karanta labarin tun yana rubutun hannu, ta ƙi yarda da babi na huɗu har sai da na sake shi. Sista Hauwa ta koya mini yadda dare yake a ɗakin marasa lafiya. In kun ji gaskiya a waɗannan shafuka, daga wajenta ta fito."

Tsawonsa bai wuce naki da wani abin kirki ba, amma kowacce ta samu abin da yake nata ita kaɗai. Gwajin da nake ba marubuta ke nan: a kan kowane suna, ki iya ƙarasa jimlar "wadda ta…" da wani abu da ya shafi littafin. In kin iya, sunan ya zauna. In ba ki iya ba, mutumin yana da matsayi a rayuwarki, amma ba wannan shafin ne wurinsa ba.

Maman Ilham: Wayyo Fati ke nan.

Zainabu Makaranciya: Ni ba marubuciya ba ce, karatu kawai nake yi, amma bari in sa baki. Ina karanta shafin godiya, kuma sau da yawa ma shi nake fara buɗewa. In na ga jerin sunaye layi bayan layi, tsallakewa nake yi. In na ga irin wanda Malam ya rubuta, sai in ji ina son in kai babi na huɗun nan in ga me aka gyara.

Hajiya Turai: Zainabu, ke baƙuwa ce ga marubuciyar, shi ya sa. Fati da ta tashi da ita fa? Wani taimakon ba a kan takarda yake ba. Wadda ta riƙe miki yara kina rubutu, ko ta lallashe ki ranar da kika ce kin fasa, ita ba ta yi wa littafin komai ba?

Malam Sabo Edita: Ta yi mana, Hajiya, kuma kin cike mini gurbi. Riƙe yara aiki ne, lallashi ma aiki ne, duka suna ƙarasa jimlar. "Fati, wadda ta hana ni yaga shi" layi ne mai kyau, in dai hakan ya faru. Abin da ban yarda da shi ba shi ne sa suna don tsoron ƙorafi kawai.

Nura Ɗalibi: Salam. Nima matsalata ke nan. Ina rubuta kundin kammala digiri, an ce dole in fara da mai duba aikina sannan shugaban sashe. In na yi irin wannan salon na "wanda ya ƙi yarda da babi na huɗu" ba za a ce na yi rashin kunya ba?

Abba Mai Tsari: Nura, naka daban ne ai. Kundin makaranta yana da ƙa'idar sashenku, bi ta kawai ka karɓi sa hannunka. Mu nan littafin da zai shiga kasuwa muke magana.

Nura Ɗalibi: To na gane. Amma zan ci gaba da leƙe.

Maman Ilham: Malam, na bi jerin da gwajin nan. Goma sha ɗaya suka tsallake. Sauran akwai 'yan zauren marubutanmu, su kaɗai sun kai ashirin, sai dangi, sai waɗanda suka riƙa bin labarin lokacin da nake sakinsa kaɗan-kaɗan a waya suna yi mini sharhi. Waɗannan ba zan iya yin shiru a kansu ba.

Malam Sabo Edita: Ba shiru za ki yi ba, dunƙule su za ki yi. Sunan zauren ya wadatar, da jimla ɗaya ta abin da suka yi. Masu sharhi ma haka: "da masu karatun da suka bi labarin tun yana fita kashi-kashi, suka riƙa yi mini faɗa in na yi jinkiri." Duk wadda ta taɓa turo miki "yau ba ci gaba ne?" za ta san da ita ake. Amma ki kula da abu ɗaya: in kin dunƙule, kada ki zaro mutum uku daga cikin ashirin ɗin ki ce "musamman su wance", sai fa in ukun sun yi wani aiki daban da za ki iya faɗa. "Musamman" ɗin nan ita ke raba zaure biyu.

Ga yadda zan tsara shafin in ni ne. Hamdala da salati a layi biyu, ba sai sun zama huɗuba ba. Sai waɗanda suka sa hannu a rubutun kansa: masu karatun farko, edita, mai gyaran ƙa'idar rubutu. Sai waɗanda suka ba ki sani, irin su Sista Hauwa. Sai mai zanen bango da mai tsara shafi, waɗanda aka fi mantawa da su. Sai jama'ar da aka dunƙule. Iyali a ƙarshe, don jimlar ƙarshe ita ta fi zama a ran mai karatu. Shafin ƙaramin littafi yana ɗaukar kalma 250 zuwa 300, amma da kanun shafi da sararin da ake bari a sama, ki nufi 200. Mutum goma sha ɗaya da rukuni uku za su shiga, in kowa jimla ɗaya ya samu.

Abba Mai Tsari: "Waɗanda aka fi mantawa da su." Allah ya saka da alheri Malam, yau an tuna da mu.

Ƙarin abu daga ɓangarena: sunaye. Kafin ki turo wa mai tsarinki, ki tambayi kowa yadda yake rubuta sunansa. Wata Hauwa ce, wata Hauwa'u, wani Muhammad, wani Muhammadu. An taɓa kawo mini gyaran suna bayan an riga an buga an ɗinke, babu abin da za a iya yi sai haƙuri. Muƙami ma haka, in za ki sa Dakta ko Farfesa ki tabbatar shi ne na yanzu. Kuma in kin ba ɗaya muƙaminsa, ba sauran nasu.

Ummu Sadik: Ina da magana kan Sista Hauwa. Maman Ilham, kin tambaye ta ko tana son sunanta ya fito? Ni ma aikin asibiti nake yi. In labarin ya nuna wani sakaci a ɗakin marasa lafiya, sannan godiya ta ce wance ce ta faɗa mini yadda abin yake, abokan aikinta za su ɗauka asirin wurinsu ta tona, ko da kuwa ke kika ƙirƙiri sakacin.

Maman Ilham: Innalillahi. Akwai kuwa, a babi na tara an ba wani yaro maganin da ba nasa ba. Ni na ƙirƙira, ba ita ta faɗa mini ba.

Ummu Sadik: To kin gani. Ki tura mata jimlar yadda za ta fito, ta zaɓa: cikakken suna, ko sunan farko kawai, ko "wata ma'aikaciyar jinya da ta fi son a sakaya sunanta". Kada ki sa sunan asibitin ko kaɗan.

Malam Sabo Edita: Wannan ya fi duk abin da na faɗa muhimmanci. Kuma a nan ne jimlar nan da aka saba gani take da amfani na gaske: "duk kuskuren da aka gani nawa ne." A littafinki ki ƙara mata ƙarfi, ki ce abubuwan da suka faru a asibitin labarin ƙirƙirarki ce. Haka ma in wani babban marubuci ya duba miki babi ɗaya, ki ce babi ɗaya ya duba. In kin rubuta kamar ya tantance littafin duka, kin rataya masa abin da bai gani ba.

Yanzu sadaukarwa. Abin da kika turo godiya ce ta biyu. Sadaukarwa kyauta ce, mutum ɗaya ko biyu ake miƙa wa, layi ɗaya ko biyu a tsakiyar farin shafi. In aka ce ga ɗaukacin masoya a faɗin duniya, babu wanda ya karɓa. Wa kike tunani lokacin da kike rubuta littafin nan?

Maman Ilham: Babana. Shi ne yake sayo mini littattafai, kuma duk tambayar da na yi masa sai ya ajiye abin da yake yi ya amsa. Mutane suna cewa na cika tambaya, shi bai taɓa faɗa ba.

Malam Sabo Edita: "Ga Baba, wanda bai taɓa ce mini na cika tambaya ba. Allah ya jiƙansa." Ba na jin akwai abin ƙarawa.

Zainabu Makaranciya: Kai. Wannan ta taɓa ni.

Hajiya Turai: Ta yi daɗi, ban musa ba. Amma uwa tana raye a ba uba shi kaɗai? Ni ban ga dacewar haka ba, Malam Sabo. Wanda ya rasu addu'a yake buƙata, mai rai ita za ta riƙe littafin a hannunta ta ce a karanta mata shafin farko.

Ummu Sadik: A nan ina bayan Hajiya. "Ga Inna da Baba" ma ai gajere ne.

Malam Sabo Edita: Gajere ne, kuma babu laifi a cikinsa. Sai dai ya rasa ɗan abin nan na tambaya, wanda shi ne ya sa Zainabu ta ce ta taɓa ta. Ana iya layi biyu, kowa da nasa, in dai na Inna ma yana da abin da yake nata. Ko kuma a ba ta jimlar ƙarshe ta godiya, littafi na biyu ya zama nata. Wannan ba hukuncin edita ba ne, Maman Ilham ta fi mu sanin mahaifiyarta.

Maman Ilham: Zan kwana da shi. Saura tarihin. Na fara daga shekarar haihuwata, firamare, sakandare, kwaleji, aure, yara uku da sunayensu, ƙungiyoyi biyar da nake ciki, abincin da na fi so, sai lambar wayata.

Abba Mai Tsari: Lambar waya dai cire ta. Littafi yana shekara ashirin a hannun mutane, ba ki san wa zai ɗauka ba. Buɗe imel na musamman don masu karatu, ko ki sa sunan shafinki na sada zumunta. Sunayen yara ma ban ga dalilinsu ba.

Malam Sabo Edita: Mai karatu yana buɗe wannan shafin da tambaya biyu: wace ce wannan, kuma me ya haɗa ta da wannan labarin? Duk abin da bai amsa ɗaya daga ciki ba, na takardar neman aiki ne. Kalma 60 zuwa 80 sun isa. Ki guji abin da ke tsufa da wuri: "tana da shekara 34", "tana da yara uku", "yanzu haka tana karatun digiri na biyu". Bayan shekara biyu duk sun zama ba daidai ba, littafin kuma yana nan. Me kike yi banda rubutu? Kuma me ya kai ki labarin asibiti?

Maman Ilham: Ina koyar da kimiyya a sakandare. Labarin kuma ya samo asali ne lokacin da na yi jinyar Baba, ina kwana a asibiti ina kallon ma'aikatan dare.

Malam Sabo Edita: To gwada wannan, ki sa sunanki a farko:

"Wance malamar kimiyya ce a makarantar sakandare. Ta fara sakin labarai kashi-kashi ga masu karatu a waya kafin ta shiga ɗab'i. Wannan labari ya faro ne a dararen da ta kwana a asibiti tana jinyar mahaifinta, tana kallon waɗanda ba sa barci don wasu su samu barci. Shi ne littafinta na farko. Tana zaune da iyalinta, kuma ana samunta a adireshin da ke ƙasa."

Kin ga ya ɗauko zaren sadaukarwar ba tare da ya maimaita ta ba. Kuma ban ce "fitacciya" ko "haziƙa" ba. Kowa ya san marubuci ne ke rubuta tarihinsa, to yabon kai jahilci. In kin ci wata gasa, faɗi sunanta da shekarar, ya wadatar.

Nura Ɗalibi: To in kowa ya san ita ta rubuta, me ya sa za ta ce "ta fara", "tana zaune"? Ba "na fara" ya fi gaskiya ba? Ni sai in ji kamar mutum yana ɓuya a bayan labule.

Abba Mai Tsari: Saboda ba a littafin kaɗai zai tsaya ba. Masu sayarwa za su kwafe shi, 'yan jarida za su kwafe shi, mai gabatarwa a taro zai karanta shi yadda yake. In da "na" aka rubuta sai kowa ya juya shi, a nan kuskure ke shiga. Kuma dai ki ajiye gajere na jimla biyu don bayan bango, Maman Ilham, za a tambaye ki shi.

Zainabu Makaranciya: Ni kam na fi jin daɗin "na". Na taɓa ganin wanda aka rubuta haka, sai na ji kamar marubuciyar ce ta zauna kusa da ni.

Malam Sabo Edita: Ana yi, musamman a littafin da marubuci ya fitar da kansa, kuma ba zan ce kuskure ne ba. Ni dai nakan bar "na" ga godiya, tunda can muryar marubuci ce kai tsaye, tarihi kuma in bar shi da "ta". In duka biyun da "na" suke, sukan narke su zama abu ɗaya, sai ka ga ana godiya a cikin tarihi.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Godiyar ta dawo kalma 214, tarihin na ɗauki na Malam na canza kaɗan. Sista Hauwa ta amsa, ta ce sunan farko kawai. Fati ta samu layinta, don da gaske ita ta karɓe littafin rubutun daga hannuna ranar da na so jefar da shi. Abba, tambaya ta ƙarshe: godiyar a gaba zan bar ta ko a baya? Yanzu da ta ambaci babi na huɗu da batun asibitin, ina tsoron ta tona labarin.

Abba Mai Tsari: Mayar da ita baya, kafin tarihin. A ƙagaggen labari hakan ya fi, mai karatu ya shiga labari kai tsaye. Sadaukarwa ta zauna a gaba, shafin dama, bayan shafin haƙƙin mallaka. Amma ki gaya wa mai tsarinki ya sake ƙirgawa bayan ya matsar, don in babi na ɗaya ya faɗo a shafin hagu zai ƙara farin shafi ya tura shi dama, sai ki ga kin koma 161.

Hajiya Turai: A baya kuma? Wato mutanen da suka taimaka sai an gama littafi kafin a gan su. To, zamani. Batun Inna fa, 'yata, me kika yanke?

Maman Ilham: Ban yanke ba tukuna, Hajiya. Gobe zan je gida, zan karanta mata layin Baba in ji abin da za ta ce.